Labarin Yara Kan Adalci a Filin Ƙwallo

Idan za a ba yaro labarin adalci a wasa, ni a ganina kada a ɗora shi kan ƙungiyar da ke kan gaba, domin mai nasara ba ya jin zafin gaskiya.

A ɗauki wasan unguwa, inda aka kafa duwatsu biyu a madadin raga, babu alƙalin wasa. An ci su Ɗan'auta biyu da ɗaya, magariba ta kawo kai. Sai ya buga ƙwallo ta bi ta kan dutsen nan, abokansa suka ɗau ihu wai ta shiga. Shi kuwa ya gani da idonsa, ta waje ta bi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ba ta shiga ba."

Nan ne masu ba da labari ke ɓata shi, su sa yaron ya rama cin nan take. A'a, a bar su a ci su! A nuna abokansa suna harararsa a hanyar gida. Washegari da aka yi gardama kan wata ƙwallon, ɓangarorin biyu Ɗan'auta suka juya suka tambaya.