Daga Zauren WhatsApp Zuwa Takardar Ofis



Yawancin koke-kokenmu a reshen Kalgo a zauren WhatsApp suke farawa, mu kwaso su mu zuba a takarda. Amma jami'in da zai karanta a Birnin Kebbi ba ya cikin hirarmu, abin da muka rubuta kaɗai yake gani.

A ce wani ya turo: "Slm, hr ynz alat ɗin wasu bai faɗo ba, HM a duba." A zaure kowa ya gane. A takarda kuwa "wasu" ba adadi ba ne, "ynz" ba kwanan wata ba ne, "alat" kuma saƙon banki ne kawai, albashi muke nufi.

Sai mu rubuta: "Zuwa ranar 5 ga Afrilu, albashin watan Maris na malamai 6 bai shiga asusunsu ba. An haɗa sunayensu da lambobin aikinsu. Muna roƙon a bincika."

Kafin mu sa hannu, mu ba abokin aikin da ba ya cikin zauren ya karanta. In ya tambayi "su wa?" ko "yaushe?", takardar ba ta kammala ba, kuma hakkin malamai 6 ne zai yi jinkiri.