Amai Da Gudawa: Daga Hannu Zuwa Randa

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar ga ɗaliban sakandare a cikin birnin Kano. A sha karatu lafiya.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, daga ƙarshen 1995 zuwa watan Mayun 1996 annobar kwalara ta auka wa jihar Kano. An ƙidaya mutum 5,600 da suka kamu, 340 suka riga mu gidan gaskiya. Da masana suka bi diddigi, sai suka tarar waɗanda suka kamu sun fi shan ruwan da ake tallarsa a titi, waɗanda suka tsira kuwa sun fi wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

To, ta yaya abin yake faruwa? Ƙwayar cutar a cikin bayan gida take, kuma sai ta shiga baki take yin ɓarna. Mu ɗauki gida guda a lungunan Dala. Yaro yana gudawa, yayansa ya yi masa tsarki, ya ɗauraye hannu da ruwa zalla. Ƙishirwa ta kama shi, ya cusa moɗa cikin randa, yatsunsa suka taɓa ruwan. Shi ke nan, duk wanda ya sha daga randar nan yana cikin haɗari, alhali ruwan garau yake a ido.

Saboda haka lokaci uku ba sassauci: bayan fitowa daga masai, bayan yi wa yaro tsarki, da kafin taɓa abinci. Ka jiƙa hannu, ka sa sabulu, ka cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20. Sannan wani ya zuba maka ruwa da buta. Kada ku tsoma hannuwa cikin kwano guda, domin na ƙarshe dauɗar na farko yake shafawa. In ba sabulu, toka ta fi babu.

Ruwan sha kuwa, na rijiya ne ko na 'yan garuwa, a tafasa shi ya yi minti guda cur yana ɓararraka. Alif yana kwantar da laka ne kawai, bai isa ya kashe cuta ba. A rufe randa, a sa moɗa mai dogon mariƙi.

In gudawa ta riga ta kama mutum, ƙarewar ruwan jiki ce take kisa. A dama sukari ƙaramin cokali 6 shafaffu, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita guda ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Amma in ka ga gudawar kamar ruwan shinkafa, idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, ko ya kasa sha, to a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, ana ci gaba da ba shi a hanya in yana iya haɗiya.

Yau in kun koma gida, ku duba inda moɗa take kwana. Allah Ya kiyashe mu. Wassalamu alaikum.