Kada Layi Ɗaya Ya Hana Malami Haƙƙinsa



Jawabina ya shafi jerin sunayen da muke shiryawa a Excel, na bashin ƙarin girma ko na kuɗin ƙungiya, da yadda sunan malami yake salwanta alhali yana rubuce.

Idan aka danna Filter ko Sort ba tare da an zaɓi iyaka ba, Excel yakan fara daga gurbin da aka tsaya, ya bi bayanan da suke manne da juna, ya dakata inda ya ci karo da layin da babu komai a cikinsa. Mu ɗauka muna da malamai 240. Kanun jeri yana layi na 1, malamai 80 sun cika layi na 2 zuwa na 81, an bar na 82 fayau domin ado, sauran 160 kuma suna ƙasa har zuwa layi na 242. Tacewar za ta tsaya a kan 80 na farko. Sakataren da ya nemi wata malama ta layi na 150 a akwatin tacewa ba zai same ta ba, sai ya zaci ba ta cikin masu bin bashi.

Alamar a fili take. Lambobin layukan da tacewa ta shafa sukan koma shuɗi, na ƙasa kuwa suna nan yadda suke, kuma a gindin allo za a ga adadin da aka samu daga cikin 80, ba 240 ba. Maganinsa shi ne a cire tacewar, a share layin banzan, ko a zaɓi jerin tun daga kanunsa har layi na 242, sannan a sake danna Filter.

Tarko na biyu shi ne gurabun da aka haɗe. Idan an haɗe gurabu 12 domin sunan makaranta guda, sunan yana zaune ne a gurbin farko kaɗai. A tace da sunan makarantar, malami ɗaya zai bayyana, 11 su ɓace. Sai a danna Unmerge Cells, a rubuta sunan makarantar a gaban kowane malami.

Na uku, layin da aka ɓoye ba ya motsawa idan ana jerawa. Domin gano shi, a cire tacewa, a rubuta waɗannan a gefe, idan sunaye suna ginshiƙin B:

```
=COUNTA(B2:B242)
=SUBTOTAL(103,B2:B242)
```

Na farko yana ƙirga kowane suna, na biyu kuwa na bayyane kawai. Idan suka ba da 240 da 233, akwai malamai 7 a ɓoye. A zaɓi layukan duka, a danna Unhide.

Roƙona ga kowane sakatare shi ne, kada ya sa hannu a kan jeri sai adadinsa ya dace da rajistar makaranta.