Me ya sa ake gajiya da gem ɗinka bayan minti goma?

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba.

Yau da labarin kunyar da na sha zan fara. Wata huɗu na yi ina tsara gem na noma, irin noman da muka taso muna gani tsakanin Funtua da Malumfashi: masara, waken suya da auduga. Kafin in kashe kuɗi wajen mai haɗa manhaja, sai na zana shi a kwali, na ɗebo ƙwayar masara ta zama kuɗi, na kai majalisarmu. Mutum huɗu suka zauna. Da farko ana ta dariya da gardama. Wallahi minti goma bai cika ba ɗaya ya ciro waya, wani kuma ya ce, "Malam, ai mun gane shi, a kawo ludo."

Wannan "mun gane shi" ita ce maganar yau.

Kowane wasa yana da abin da nake kira zagaye, wato 'yan ayyukan da ɗan wasa ke maimaitawa tun daga farko har ƙarshe. A nawa, zagayen shi ne ka sayi iri, ka shuka, ka girbe, ka sayar, ka koma sayen iri. Damina ɗaya tana cin kamar minti ɗaya da rabi, ke nan a minti goma an yi damina shida ko bakwai. Zane mai kyau da sauti suna iya riƙe mutum a zagaye biyun farko. Daga nan sai abin da ke cikin zagayen kansa.

To ga lissafin da na yi. Kowa yana da gona huɗu. Masara ka kashe ƙwaya 2 ka samu 6, riba 4. Waken suya ka kashe 2 ka samu 4, riba 2. Auduga ka kashe 3 ka samu 5, ita ma riba 2. Kun ga matsalar? A damina ta uku kowa ya gano masara ce amsa. Daga nan babu mai tunani, hannu ne kawai ke aiki. Amfani uku na sa a kwali, amma ɗaya ne mai hankali zai taɓa.

Ku kwatanta da dara, wadda dattawa ke bugawa a ƙasa ƙarƙashin bishiya. Rami talatin ne, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, aikin kuma ɗaya ne tak: ka matsa ɗa, ka nemi jera uku, ka cire na abokin wasa. Amma duk ɗan da aka cire yana buɗe rami, ya canza fuskar wasan gaba ɗaya. Motsin da ya yi maka amfani ɗazu, yanzu shi zai kashe ka. Abin da ya fito daga zagaye ɗaya yana canza tambayar da zagaye na gaba zai yi maka. Abin da nawa ya rasa ke nan.

Gyaran farko daga gonar gidanmu na ɗauko shi. Kowane manomi ya san masara tana cin ƙasa, waken suya kuma yana taimaka mata ta farfaɗo. Sai na sa doka: in ka maimaita masara a gona ɗaya, abin da za ka samu yana raguwa da 2 kowace damina, wato 6, sai 4, sai 2. In ka sa waken suya, gonar ta dawo daidai. Mu lissafa damina uku. Masara sau uku a jere, riba 4 da 2 da sifili, jimla 6. Masara, waken suya, masara, riba 4 da 2 da 4, jimla 10.

Na ɗauka na gama. Ashe gajiyar kawai na ɗaga zuwa minti ashirin, domin suna gano a riƙa juyawa, shi ke nan sun sake samun amsa guda. Duk dokar da za a iya haddace amsarta, wata rana za a haddace.

Gyara na biyu shi ne ya yi aiki. Na haɗa 'yan wasan a kasuwa ɗaya. Kowa zai kife katin abin da ya shuka, a buɗe tare. In fiye da rabin gonakin duka abu ɗaya aka shuka, kuɗinsa ya faɗi da rabi, kamar yadda hatsi ke araha da kaka in kowa ya fito da nasa. Yanzu masarar da ke ba ka 6 tana iya ba ka 3, riba 1 kacal, auduga ta fi ta. Ka ga sai ka leƙa gonar maƙwabcinka. In ƙasarsa ta huta, ka san masara yake hari, kai kuma ka yanke shawara ko ka bi shi ku karye tare, ko ka kauce. Wannan ba ya haddatuwa, don kowace damina gonakin mutane a wani hali suke.

Akwai kuskure ɗaya da nake so ku guje wa. Na taɓa sa katin fari, wanda ake ja bayan an gama shuka, ya cinye rabin amfanin kowa. Gaskiya ne haka rayuwar manomi take, amma a wasa haushi kawai ya jawo, domin mutum ya yi dabararsa daidai an zo an kwashe. Ku lura da ludo: sai ka jefa ka ga lamba, sannan ka zaɓi ɗan da za ka matsa. Tetris ma, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro, ana nuna maka tubalin da ke tafe kafin ya iso. Sai na mayar da katin gaban shuka. Ana buɗe shi a ce bana ruwa zai yi ƙaranci, masara za ta ragu da 2, sannan kowa ya zaɓi abin shukawa. Katin bai canza ba, wurinsa kawai na canza, gardamar majalisa ta dawo.

Yaya za ka gane naka zagayen ya mutu? Kar ka tambayi abokinka ko ya ji daɗi, kara zai yi maka. Ka zauna gefe da agogo, ka yi shiru. Ka duba daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya zaɓa a zagaye na biyu, ka sake dubawa a na bakwai. In hannunsa ya fara riga idonsa, ya gane amsa. Ka kuma rubuta abin da yake zaɓa. In sau uku a jere abu ɗaya ne kuma yana cin nasara, akwai wata masara a wasanka. Maganinta a dokar zagayen yake. Ƙara sabbin matakai ko kyautar shiga kullum ba zai taɓa ta ba.

Da na kai sabon kwalin Malumfashi wajen 'yan uwa, sai da aka kira magariba muka tashi, ƙanena yana cewa a bar ƙwayoyin yadda suke, bai yarda an cinye shi ba. Har yanzu audugar ba ta zauna daidai ba, a kanta nake aiki.

Wanda ke da gem a ransa, ya nemi kwali ya gwada kafin ya buɗe kwamfuta, ya faɗa mana a wane zagaye aka ciro waya. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.