"A Duba Mini Takardar Nan": Wane Irin Gyara Kake Nema?

Yau za mu tattauna a kan gyaran rubutu. Idan ka miƙa wa wani takarda ka ce "don Allah duba mini", to ka sani aiki uku ne daban ke ƙunshe a wannan magana. In ba ka faɗi wanda kake so ba, sai a yi maka fenti alhali bangon ne ya tsage.

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoman albasa ce a bakin iyaka ta rubuta takarda mai shafi 8, tana neman tallafin gina rumbun ajiya, kuma za a karanta ta a Nijar da Najeriya.

Aiki na farko shi ne gyaran tsari. Mai wannan aiki ba ruwansa da waƙafi ko aya tukuna. Tambayarsa ita ce: me takardar ke nema, kuma ta faɗe shi a inda ya dace? Sai ya tarar shafi uku na farko duk tarihin ƙungiya ne, adadin kuɗin da ake nema kuwa yana can a shafi na 7. An ce albasa na ruɓewa, amma ba a faɗi buhu nawa ake asara ba. To sai ya ɗauko buƙatar ya kawo ta sakin layi na farko, ya taƙaita tarihin zuwa rabin shafi, ya mayar wa masu takarda su cike giɓin. Lura fa, shi ba ya ƙirƙiro adadin da babu. Tambaya yake yi, su ba da amsa.

Na biyu shi ne tace harshe. A nan tsari ya zauna, sai a bi jimla bayan jimla, a tabbata maganar ta fito kuma salon rubutun bai canza ba daga farko har ƙarshe. Mu da ke bakin iyaka, nan ne aka fi yin tuntuɓe. A Nijar, dala ɗaya sefa biyar ce, don haka "dala ɗari biyu" jaka guda ke nan. Mai karatu a Kano kuwa zai ɗauka dalar Amurka ake nufi. Mai tacewa zai rubuta adadin da lamba, ya sa sunan kuɗin a fili. Haka kuma wanda ya yi lakwal da Faransanci yakan rubuta ɗaya da rabi a matsayin 1,5, wanda ya yi boko da Ingilishi kuma ya rubuta 1.5. Sannan a Nijar ana rubuta ƴa, a Najeriya a rubuta 'ya. Duka daidai ne, amma a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa.

Na uku shi ne duban ƙarshe, wanda ake yi bayan an shirya shafuka don bugawa. Mai wannan aiki ba ya sake jimla don ta fi daɗi. Farautar kuskure kawai yake yi: kalmar da ta maimaitu, lambar shafi da ta tsallake, ko ƙugiyar harafi da ta ɓace, har "ɗaki" ya koma "daki". Wani lokaci ma na'ura ba ta san ƙ da ɓ ba, sai ta buga ɗan akwati a gurbinsu. Shi ya sa ake duba shafin da zai fita, ba rubutun farko ba.

To yaya za ka gane wanda takardarka ke buƙata? Ba wa wanda bai san zancen ba ya karanta sau ɗaya, ka karɓe, ka tambaye shi me ake nema. In ya kasa faɗa, gyaran tsari take so. In ya faɗa daidai, amma ya riƙa tsayawa yana cewa "nan me ake nufi?", tace harshe ne. In ya wuce sumul, saura duban ƙarshe.

Katin gayyatar biki duban ƙarshe ya ishe shi, a kula da suna da kwanan wata. Littafi ko takardar neman tallafi kuwa suna buƙatar duka ukun, kuma a jere. Wanda ya fara da duban ƙarshe zai ɓata yini yana gyara shafukan da gobe za a cire.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.