Barka da arziki, amma a raba kuɗin gida uku

A shirinmu na kasuwanci na wannan mako mun karanto saƙon wata Hajiya, tsohuwar 'yar kasuwa a Maraɗi, wadda ta daɗe tana ɗora matasa kan hanya. Saƙon taya murna ne ga wata 'yarta a sana'a, mai yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ta samu tallafin Gidauniyar Tony Elumelu. Tun 2015 gidauniyar take bai wa ƙananan 'yan kasuwar Afirka jarin dala 5,000, kuma kyauta ce, ba bashi ba. A kuɗinmu ya tasam ma sefa miliyan 3, gwargwadon canjin ranar.

Hajiya ta fara da barka da arziki. Ta ce ba sa'a ce kaɗai ta kawo wannan ba, littafin da yarinyar ta riƙa rubuta cinikinta a ciki shi ya ba ta damar tsara ƙasidar da ta karɓu. Sai ta ja kunnenta kan abu guda: kada inji ya cinye jari.

Ga lissafinta. Kashi na farko, kada ya wuce miliyan 1, na injin matsar mai ne. In daga Kano za a sayo shi, a haɗa kuɗin mota da na kwastan da na mai kafa shi, kuma a tambayi canjin naira a ranar da za a biya, ba na makon jiya ba. Kashi na biyu, miliyan 1 da dubu 200, na gyaɗa ne, a saye ta da kaka lokacin da take araha. A tabbatar ta bushe sarai, a jera buhunan kan katako, domin gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna, ta ɓata mai da ƙuli-ƙulin duka. Ragowar dubu 800 a bar su a asusun sana'a, don man inji, jarkoki, gyara da ladan ma'aikata na wata uku.

To me ya sa? Domin inji ba ya kawo ko sisi sai akwai abin da zai matsa. Mai sayen sari kuma sau da yawa sai ya sayar yake biya, alhali mai gyaɗa kuɗi hannu yake so. Hajiya ta ce alamar an yi kuskure a bayyane take: ranakun da inji ke kwance sun fi na aikinsa, ko kuma ka ga mai sana'a tana cin bashi don sayen buhu guda.

Muna taya 'yar'uwarmu murna, Allah ya sanya albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.