Sifilin farko ba ya ƙetare iyaka

Sau da yawa mutum yakan tura wa ɗan'uwansa da ke Saudiyya lambarsa, can kuma a yi ta kira ba ta shiga. Galibi sifilin farko ne ya jawo.

Lambar wayar hannu a Najeriya alƙaluma 11 ce, tana farawa da sifili, kamar 0803. Wannan sifili na kiran cikin gida ne kawai. Idan daga waje za a kira, sai a cire shi, a sa +234 a gurbinsa, wato 0803 ta koma +234 803, sauran alƙaluma bakwai su biyo baya yadda suke. Ku ƙirga: bayan 234 alƙaluma 10 za ku gani. In kun ga 11, to sifilin ya maƙale, kuma ba kowane layi ke yafe wannan ba.

Haka Gana take, da +233. Amma kada a ɗauki wannan doka a kai Nijar. Can lambobi alƙaluma 8 ne, babu sifilin da ake cirewa, +227 kawai ake sawa a gaba.

Alamar + kuwa, a yawancin wayoyi, a danne sifili a riƙe, za ta fito.